Na tura wa mutum 38 ranar da ba ita ba ce, yaya ake gyarawa ba tare da an tayar da ƙura ba?

Rukayya Sakatariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin a tashi daga aiki yau. Jiya Talata na tura imel na gayyatar bita ta kwana biyu ga mutum 38, masu wayar da kan jama'a da muke aiki da su a Kano da Jigawa da Katsina. A ciki an rubuta za a fara ranar Talata 14 ga Oktoba. Ashe tun zaman da manya suka yi makon jiya an ɗage bitar da mako guda, ta koma Talata 21. Takardar da oga ya miƙo mini in tura tsohuwar ce, ni kuma ba na wurin zaman. Mutum shida na sa su a To da Cc, sauran 32 suna Bcc, inda ba mai ganin adireshinsu. Takardar gayyatar da na liƙa wa saƙon ita ma 14 take ɗauke da shi. Tun safe nake rubutawa ina gogewa. In na yi gajere sai in ga kamar raini, in na tsawaita sai in ga kamar ina kuka.

Nura Zariya: Wa alaikumus salam. Anti ba sai kin wahalar da kanki ba, ki janye shi kawai. Ki shiga Sent Items, ki buɗe saƙon, ki nemi Recall This Message. Sai ki tura sabo kamar ba a yi komai ba. Ni haka nake yi a ofishinmu.

Abban Kwamfuta: Nura, a ofishinku yana yi ne saboda kai da waɗanda kake tura wa duk kuna kan adireshin ma'aikata ɗaya. Recall ɗin Outlook ba ya aiki sai mai turawa da mai karɓa suna cikin ma'aikata guda a kan Exchange ko Microsoft 365. Mutanen Anti Rukayya na tabbata yawancinsu Gmail da Yahoo ne, saƙon ya riga ya sauka a akwatin da ba ta da iko da shi. Abin da kan faru ma shi ne na waje su ga wani saƙo na biyu yana cewa wance tana so ta janye saƙo kaza, kuma wanda bai buɗe na farkon ba yanzu ne zai garzaya ya buɗe. In kuma Gmail take amfani da shi, Undo Send iyakarsa daƙiƙa 30, shi ma ba janyewa yake ba, riƙe saƙon yake yi na wannan ɗan lokacin kafin ya sake shi. Na jiya ya tafi ke nan. Magana zarar bunu.

Rukayya Sakatariya: Gmail ne ma.

Nura Zariya: To na janye nawa, tunda shi yana janyuwa.

Hajiya Ladidi: 'Yata, mutanen nan akwai dattawa a cikinsu ko? Kada ki yarda ki jefa musu magana tsirara. Ki yi sallama, ki gaishe su da iyali, ki ba su haƙuri sosai, ki nuna musu abin ya dame ki, sannan ki faɗi sabuwar ranar. Kuma ki bayyana musu yadda aka yi, su san ba sakacinki ba ne. Mutumin da aka ɓata wa shiri yana so ya ga an san an ɓata masa.

Zainab Admin: Hajiya, a kan sallama da ban haƙuri ina tare da ke, amma jerin ne nake so a juya. Ki tuna inda za su karanta saƙon nan: a waya, a bakin titi ko cikin mota. Abin da wayar ke nuna wa mutum kafin ya buɗe shi ne taken saƙon da 'yan kalmomin farko. In waɗannan kalmomin gaisuwa ce da fatan iyali suna lafiya, wanda ya riga ya karanta gayyatar jiya zai ɗauka tunatarwa ce, ya wuce. Shi kuwa shi ne ainihin wanda muke nema.

Kuma Rukayya, kuskurenki yana da wani mugun hali: 14 Talata ce, 21 ma Talata ce. Yawancin mutane sunan rana suke riƙewa, ba lamba ba. Wanda ya sa a ransa "Talata ce bitar" zai karanta gyaranki ya ga Talata, ya ce ai na sani. Don haka dole ki faɗi cewa mako guda aka ƙara, da baki, ba lamba kaɗai ba. Ga yadda zan rubuta:

Take: GYARA: Bitar masu wayar da kai ta koma Talata 21 ga Oktoba (ba 14 ba)

Assalamu alaikum. Bitar za ta fara ne ranar Talata 21 ga Oktoba, ta ƙare Laraba 22, wato mako guda bayan ranar da ke cikin saƙon jiya. Ranar 14 da muka rubuta kuskure ce, muna neman afuwa. Wuri da lokaci ba su canja ba: ɗakin taron da aka ambata, ƙarfe 9 na safe. Ga sabuwar takardar gayyata a liƙe, a yi watsi da ta jiya. Wanda ya riga ya miƙa tsohuwar ga shugabansa, ko ya biya kuɗin masauki, ya kira ni a lambar da ke ƙasa. Don Allah a amsa da "na gani" kafin Juma'a. Na gode.

Shi ke nan. Akwai sallama, akwai afuwa, kuma ba wanda zai gama layi na biyu bai san ranar ba.

Hajiya Ladidi: Afuwar nan ta yi mini kaɗan, Zainabu. Kalma uku fa.

Zainab Admin: Kalma ukun sun isa a takarda, Hajiya. In ta cika sakin layi guda da "wallahi ban san yadda aka yi ba, ku yafe mini, na ji kunya", ta ɗora wa mutum 38 aikin lallashinta. Za su fara amsawa da "ba komai", wasu da Reply All, kafin la'asar maganar ta tashi daga ranar bita ta koma kan Rukayya. Dogon ban haƙuri na wanda ya yi asara ne, kuma a waya za a ba shi, da sunansa.

Malam Garba Mai Ritaya: Na yi aikin sakatare shekaru masu yawa kafin imel ya zo, kuma rubutun Zainabu ya yi daidai da abin da aka hore mu a kai. Takardar gyara tana ambaton takardar da take gyarawa, ta faɗi abin da ya canja, ta faɗi abin da bai canja ba. Wannan na ukun shi yara ke mantawa. Da zarar mutum ya ga an yi kuskure a rana, sai ya fara zargin wurin da lokacin da kuɗin mota. Layin nan na "wuri da lokaci ba su canja ba" zai rage miki kiran waya da yawa.

Inda nake so in ja hankalinki, 'yata, shi ne maganar Hajiya ta cewa ki bayyana yadda aka yi. Kada ki yi. Na ga kin rubuta mana nan cewa oga ne ya miƙo tsohuwar takarda, kuma na yarda haka ne. Amma mutumin Katsina ba ruwansa da wanda ya miƙa wa wa takarda a ofishinku. In kika rubuta "takardar da aka ba ni ce tsohuwa", kin tsira a idon mutum 38 kin tona ogan da za ki zauna da shi gobe da jibi. Ki lura Zainabu "muka rubuta" ta ce. Ofis ne ya tura, ofis ne ke gyarawa. Maganar wa ya yi me, ki shiga wurinsa ki rufe ƙofa ku yi ta ku biyu, kuma ki nuna masa gyaran kafin ya fita, kada ya fara ganinsa tare da baƙi.

Rukayya Sakatariya: Baba na gode. Gaskiya abin da ya fi cina ke nan, sunana ne a ƙasan saƙon.

Malam Garba Mai Ritaya: Sunanki ne kuma zai kasance a ƙasan gyaran da ya zo washegari, a tsare. Wannan ma ana gani.

Ɗanladi Jos: Ni dai shawarata a daina sa mutane da yawa a fili. Kin ga yanzu kowa ya ga adireshin kowa, wani zai kwashe ya riƙa tura musu talla. Ki ba su haƙuri a kan wannan ma.

Abban Kwamfuta: Ɗanladi ka koma sama ka karanta, 32 ɗin a Bcc ta sa su, ba wanda ya ga adireshinsu. Amma ka taɓo inda nake so in je. Anti Rukayya, tarkon da ke gabanki yanzu Bcc ɗin nan ne. In kika buɗe saƙon jiya kika danna Reply All, mutum shidan da ke To da Cc kaɗai zai ɗauko, 32 ɗin ba za su shiga ba. Sai ki tura, hankalinki ya kwanta, alhali waɗanda za su hau mota ba su ji komai ba. Ki shiga Sent, ki buɗe saƙon, ki danna ɗan kibiyar da ke kusa da sunayen waɗanda aka tura wa. Tunda ke kika tura, za ki ga jerin Bcc ɗin. Daga nan za ki kwafo su, ba daga jerin sunayen da ke cikin kwamfutarki ba, don wataƙila jiya kin ƙara wani da hannu. Bayan kin zuba su ki ƙirga, su cika 32. Kuma ki kula sosai ki mayar da su Bcc. In hannu ya kuskure suka faɗa Cc, to maganar Ɗanladi ta tabbata, gyara ya haifi abin da ya fi kuskuren farko.

Abu na biyu: amsa ba ta ɗaukar takardar da aka liƙa, sai kin liƙa sabuwar da kanki. Ki canja mata suna. In tsohuwar `gayyata.pdf` ce, sabuwar ta zama `gayyata_21_Oktoba.pdf`. In sunansu ɗaya, wanda ya sauke duka biyun a waya zai tarar da tagwaye, ya buɗe wadda ta zo hannu.

Rukayya Sakatariya: To in amsa a kan tsohon saƙon ne, ko in buɗe sabo fil?

Abban Kwamfuta: Ni sabo nake so. Gmail yana tara saƙonni masu take ɗaya a zare guda. In kika amsa ba ki taɓa taken ba, mai karɓa zai ga tsohon take da lamba 2 a gefe, ba abin da zai ce masa an canja rana.

Zainab Admin: Nan ni da Abba mun ɗan saɓa. Sabon saƙo yana jan ido, haka ne, amma yana barin tsohon shi kaɗai ba alamar komai a jikinsa. Ranar Lahadi wani zai nemi "bita" a akwatinsa don ya duba ranar, ya faɗa kan tsohon, ya karanta 14, ya haɗa kaya. In gyaran yana cikin zaren, duk wanda ya buɗe tsohon zai ga sabon a ƙarƙashinsa.

Abban Kwamfuta: Shi ya sa za ta bar kalmomin tsohon taken a cikin sabon, Anti Zainab, kamar yadda kika rubuta da kanki. In ya nemi "bita" duka biyun za su fito, mai GYARA a sama tunda shi ne na baya. Kuma ko ta amsa a kan tsohon, da ta danna Edit subject ta canja take, Gmail zai raba shi ya zama zare daban. Ba za ta samu biyun a saƙo ɗaya ba.

Zainab Admin: Na sani. Ni abin da nake yi in abin ya kai a hau mota a banza: in tura cikakken gyaran a sabon saƙo, sannan in koma kan tsohon zaren in sa layi ɗaya, "An gyara ranar da ke cikin wannan saƙon, bitar 21 ga Oktoba ce, a duba saƙon yau." Saƙo biyu ke nan, wasu za su ce ya yi yawa. Da kuskuren ƙarami ne, kamar sunan mai jawabi, amsa ɗaya a cikin zaren ta wadatar.

Malam Garba Mai Ritaya: Saƙo biyu a kan abu ɗaya ni ban so. Mutum zai tsaya yana gwada su ko akwai bambanci. Amma ku kuka san na'urorinku.

Usman Ɗan Baiwa: Ni tambayata ga Anti Zainab. Me ya sa za a sake ambaton 14 ɗin? Na taɓa ji ana cewa in ka maimaita abin da ba daidai ba, shi yake zama a kan mutane. Ai gara a rubuta 21 kawai a yi shiru da tsohuwar.

Zainab Admin: In aka yi shiru da ita, Usman, mutum zai riƙe takardu biyu masu rana biyu, ba wadda ta ce ita ta soke 'yar uwarta. Wani ma zai ɗauka rukuni biyu aka raba, shi yana na farko. Dole a kira tsohuwar da sunanta a ce ta mutu. Abin da na yarda da kai a kai shi ne kada a ba ta girma. Sabuwar ta zo farko, ita za a yi wa baƙin rubutu, tsohuwar ta biyo baya a haɗe da "ba". Na ga masu rubuta "a saƙonmu na jiya mun sanar da ku cewa za a yi bita ranar 14 ga Oktoba, to amma" sannan sabuwar ranar ta zo a layi na huɗu. Mai karatu a guje 14 zai sake gani ya rufe.

Usman Ɗan Baiwa: A cikin saƙon na yarda. A taken saƙon dai har yanzu ina ganin lamba ɗaya ta fi. Ido ya faɗa kan 21 kaɗai.

Maman Khalifa: Ku bar ni in shigo da nawa tunda ana yi. Mu a ƙungiyar iyayen yara ta unguwarmu, ma'aji ya tura imel da lambar asusun da za a zuba kuɗin gudummawa, lamba ɗaya ta juye a cikin goman. Washegari ya turo gyara mai kyau, gajere, irin wanda kuke koyarwa nan. Wallahi ba wanda ya biya har mako ya zagayo. Kowa ya ce 'yan damfara ne suka shiga imel ɗinsa.

Abban Kwamfuta: Kuma ba su yi laifi ba, Mama. Saƙon da ke cewa "a yi watsi da asusun jiya, ga sabo" shi ne ainihin irin wanda ɓarayi ke turawa in sun sace imel ɗin mutum. Gyaran lambar asusu ba a barinsa a imel kaɗai. A rubuta sunan banki da sunan asusun, don mutum ya gwada da sunan da zai fito masa a waya kafin ya tabbatar da turawa, sannan shugaban ƙungiya ya faɗa da muryarsa a taro ko a lambar da kowa ya riga ya sani. Ba lambar da ke cikin saƙon gyaran ba, don ɓarawo ma lambarsa zai sa.

Maman Khalifa: Haka aka yi daga baya, shugaba ya yi saƙon murya. Amma akwai wadda har yau ba ta biya ba, ta samu hujja.

Alhaji Tanko Kumasi: Salamu alaikum. Ni abin da zan ƙara, kafin ki danna turawa ki karanta saƙon jiya daga sama har ƙasa kamar ba ke kika rubuta ba. Takardar da ta tsufa a wuri ɗaya tana iya tsufa a wani. Mu nan an taɓa gyara mana ranar wani zama ta bidiyo da mutanen Kano, aka gyara rana lafiya lau, aka bar "ƙarfe 10" ba a ce na ina ba. Mu a Ghana muna bayan Najeriya da awa ɗaya, goma ta Kano tara ce a Kumasi. Sai da aka sake turo gyara na biyu, daga nan kuma ba wanda ya ƙara yarda da saƙonnin mutumin sai ya kira shi.

Rukayya Sakatariya: Alhaji Allah ya saka da alheri. Na koma na duba yanzu. A ƙasan takardar an ce a tabbatar da zuwa kafin 10 ga wata, wannan ma na tsohon tsari ne. Na tambayi oga ya ce a mayar da shi 17. Da na tura ban gani ba.

Zainab Admin: To ki sa shi a saƙon, amma a layinsa daban, ƙasa da ranar bitar. Ki kula fa, yanzu lambobi sun fara yawa: 21, 22, 14, 17, ga kuma Juma'ar da na ce a amsa. Ki bar "na gani" ɗin a Juma'ar nan, don abin da yake nema daban ne, so kike ki san wa ya ji kafin masu nisa su fara shirin tafiya. Ranar tabbatar da zuwa kuwa ki rubuta ta a sauƙaƙe: "Ranar ƙarshe ta tabbatar da zuwa ita ma ta matsa zuwa 17 ga wata." Sai ki bar layin nan na abin da bai canja ba, ya tsaya a kan wuri da lokaci kawai.

Nura Zariya: "Na gani" daga mutum 38 ba zai cika mata akwati ba?

Zainab Admin: Zai cika, kuma abin da ake so ke nan. Ta buga jerin sunayen a takarda, duk wanda ya amsa ta soke shi. Waɗanda suka rage da yammacin Alhamis su ne aikinta na Juma'a da safe: kira, ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na Katsina da Haɗeja da duk wanda zai taso tun Litinin 13. Na cikin Kano in ya zo a banza kuɗin adaidaita ya yi asara, na nesa kuɗin mota ne da kwana. Amma "na gani" ɗin ba a kowane gyara ake nemansa ba. In ka nema a kan ƙaramin abu, ranar da babban ya zo ba mai amsawa.

Hajiya Ladidi: To a kiran nan dai za a gaisa ko, ko shi ma lamba za a faɗa a kashe?

Zainab Admin: A nan Hajiya sai yadda kika ce. Ta gaishe su har da jikoki.

Malam Garba Mai Ritaya: Akwai mutanen da ba sa cikin 38 ɗin nan amma kuskuren ya kai gare su. Wanda ya karɓi gayyata ya tura wa shugabansa don a ba shi izinin tafiya, shugaban yana riƙe da 14. Ke ba ki san su ba, shi ya sa layin Zainabu na "wanda ya riga ya miƙa tsohuwar ga shugabansa" yake da amfani, amma ni zan ƙara masa: "ya tura masa wannan." Ki faɗa wa mutum abin da zai yi, kada ki bar shi ya yi tunani. Sabuwar takardar kuma ta ɗauki kwanan wata na yau, da layi a samanta cewa ta maye gurbin ta 7 ga wata, don in ta kai teburin wani ita kaɗai ba tare da imel ɗin ba, ta yi bayanin kanta. Sannan ki tambayi kanki, masu ɗakin taro da mai abinci wace rana suka sani?

Rukayya Sakatariya: Su oga ne ya yi magana da su, 21 suka sani. Na kira na tabbatar.

Ɗanladi Jos: Ki jefa a WhatsApp ma mana, ai ya fi sauri.

Abban Kwamfuta: Ta jefa, amma kalmomin su zama ɗaya da na imel ɗin, ta kwafo layi biyun farko kawai. Matsala tana farawa ne in an sake faɗa da wasu kalmomi, "mako mai zuwa na sama", sai wani ya ƙirga daban. Tambaya ɗaya Anti: kin haɗa da gayyatar kalanda, irin wadda ake danna Yes?

Rukayya Sakatariya: A'a, takarda ce kawai.

Abban Kwamfuta: Kin huta. Ga masu karatu dai: in akwai ta, imel ɗin gyara ba ya taɓa ta. Sai an buɗe ta a kalandar an canja ranar an tura sabuntawa ga waɗanda aka gayyata, in ba haka ba wayarsu za ta yi ƙara a tsohuwar rana.

Rukayya Sakatariya: Na tura kafin la'asar. Na bi rubutun Anti Zainab, na ƙara maganar 17 da ta Baba Garba ta a tura wa shugabanni. Sabon saƙo na yi, shida a inda suke, 32 a Bcc, na ƙirga sau biyu. Layin kan tsohon zaren ban yi ba tukuna, ina tunani. Oga ya karanta kafin ya fita, bai ce komai a kan takardar ba, ya dai ce in cire "muna neman afuwa" wai ɗage taro ba laifi ba ne, in rubuta "an ɗage".

Malam Garba Mai Ritaya: Kin cire?

Rukayya Sakatariya: Ban cire ba. Na ce masa ai an riga an ɗage kafin mu tura, kuma biyu daga cikin mutum shidan nan suna wurin zaman, sun san haka. Ya ce in yi yadda na gani.

Zainab Admin: Kin yi daidai. "An ɗage" ba ƙarya ba ce, amma in aka mayar da ita mayafin kuskuren, waɗanda suka sani za su gane, kuma shi ne abin da za a yi ta tsegumi a kai.

Usman Ɗan Baiwa: Ni da ogan nake. Mai karɓa rana yake so, ko kuskure ne ko ɗagewa duk ɗaya ne a wurinsa.

Zainab Admin: Ba ɗaya ba ne a wurin wanda ya kashe kuɗi, Usman. In kuskuren ofis ne, yana da bakin tambayar wa zai biya shi.

Rukayya Sakatariya: Kamar kin sani. Zuwa yanzu 19 sun amsa. Wata baiwar Allah daga Katsina ta kira, ta riga ta ba da kuɗin ɗaki na kwana biyu tun daren jiya. Na ba ta haƙuri, na ce ta fara tambayar masu masaukin ko za su matsar mata da ranar, in sun ƙi ta turo mini rasit in kai wa oga. Ban yi mata alkawarin biya ba don ba a hannuna yake ba. Adireshi ɗaya kuma ya dawo, ashe na jiya ma ya dawo ban lura ba.

Abban Kwamfuta: Wannan bai ga kuskuren ba, amma bai ga gayyatar ba ma. Kada ki tura masa mai GYARA, zai rikice. Ki nemi adireshinsa na gaskiya ki tura masa gayyata mai tsabta da 21 kawai.

Zainab Admin: Ranar Litinin 13 da safe ni zan ƙara tura layi ɗaya ga kowa: "Tunatarwa: gobe babu bita, sai Talata 21."

Usman Ɗan Baiwa: Kin ga kin sake tayar da maganar da ta kwanta.

Zainab Admin: To ta tura wa waɗanda ba ta samu a waya ba kaɗai. Rukayya, ki faɗa wa mai gadin ɗakin taron ma, ki bar masa lambarki, ko da wani zai ɓullo ranar 14.

Rukayya Sakatariya: Zan yi in sha Allah. Saura 18 ke nan, ban da mai adireshin da ya dawo. Huɗu a cikinsu ba ni da lambarsu, sai gobe in mai kula da shiyyar Jigawa ya shigo in karɓa a wurinsa.